Fuskar da na sauya tana rawa a bidiyo, daga ina matsalar take?

Ɗan Koyo: Salamu alaikum jama'a, don Allah a taimaka min da shawara. Muna haɗa wani ɗan gajeren fim ne, sai aka rasa shot guda ɗaya na sakan 12, jarumin kuma ya yi tafiya ba zai samu dawowa ba, shi ne muka sa wani mai irin jikinsa ya tsaya aka ɗauka, ni kuma na ɗora fuskar jarumin a kai, da yardarsa da ta wanda ya tsaya ɗin. Bidiyon 1080p ne, firem 30 a sakan, wato firem 360 gaba ɗaya. Na yi amfani da `inswapper_128` wajen sauya fuskar, sannan na bi shi da CodeFormer don fuskar ta fito tas. In ka tsayar da bidiyon a kowane firem wallahi ba ka cewa komai, fuska ta zauna daram, amma da ka danna ya fara tafiya sai ka ga tana karkarwa, gefen haɓa yana shiga yana fita, launin kumatu ma yana ɗan ƙifta-ƙifta. Me zan yi?

Mai Kyamara: Wa alaikumus salam. A ƙarƙashin wace irin fitila kuka ɗauka? Don in fitilar silin ce ko irin LED mai arha to ita ce take ƙiftawa, wutar 50 Hz ce kai kuma ƙila shatarka tana 1/60, dole ka ga haske yana hawa yana sauka. Ka maida shata 1/50 ko 1/100 ka sake ɗauka.

Ɗan Koyo: A waje muka ɗauka yallaɓai, hasken rana ne. Kuma asalin bidiyon kafin in taɓa shi lafiya lau yake, bango ma har yanzu ba ya motsi, fuskar ce kawai.

Mai Kyamara: To ba nawa ba ne wannan, na ja baya.

Sarkin Gwaji: Abu mai sauƙi. ffmpeg yana da filta ta wannan aikin, ka sa `deflicker`, in bai isa ba ka ƙara `tmix=frames=3` ya gauraya firem uku-uku. Ni da shi nake kashe duk wata ƙiftawa.

Tsohon Edita: Sarkin Gwaji ka yi haƙuri, waɗannan biyun ba za su yi masa ba. `deflicker` hasken firem ɗin gaba ɗaya yake aunawa ya daidaita shi da na maƙwabtansa, an yi shi ne don irin bidiyon da duk hoton ke haske yana duhu. Shi kuma nan fuska ce kaɗai ke rawa, ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na hoton ba, filtar ba za ta ma san ana yi ba. `tmix` kuwa zai rage rawar da gaske amma da mutumin ya juya kai ko ya buɗe baki za ka ga leɓe biyu da inuwar hanci tana bin baya.

Ɗan Koyo, abin da ke faruwa shi ne manhajar nan ba ta san bidiyo take yi wa aiki ba. Hotuna 360 take gani, kowanne ta kama shi daban kamar ba ta taɓa ganin na baya ba. Ta nemo fuska, ta sa ɗigo biyar, ido biyu da kan hanci da gefen baki biyu, daga ɗigon nan ta lissafa yadda za ta juya fuskar ta rage ta zuwa ɗan akwati mai fiksel 128 a 128, ta sauya, ta mayar wurinta. Kowane mataki yana da ɗan kuskurensa, kuma kuskuren firem na 40 ba ruwansa da na 41. Ido ba ya kama kuskuren da ya tsaya wuri ɗaya, amma wanda ke canzawa sau 30 a sakan nan take yake cafke shi.

Kafin ka gyara komai ka fara gano wane mataki ne. Ka fitar da yankakkun fuskokin nan na ASALIN bidiyon, waɗanda aka daidaita kafin a sauya su, ka jera su su zama bidiyo ka kalla. In ka ga fuskar tana girgiza a cikin akwatin, ko bangon da ke bayan kunne yana tsalle alhali mutumin a tsaye yake, to tun daga nan abin ya lalace.

Ɗan Koyo: Oga na yi. Kai! Wannan ai ya fi na ƙarshen ma rawa. Akwatin yana ɗan karkacewa hagu da dama kuma yana zuƙowa yana komawa, alhali mutumin a sakan huɗun farko ko motsi bai yi ba.

Tsohon Edita: Yauwa, ka kama ɓarawon. Auna min tazarar da ke tsakanin idanun biyu a asalin firem.

Ɗan Koyo: Wajen fiksel 120. Faɗin fuskar da akwatin ya kwasa kuma kusan 400.

Tsohon Edita: To yi lissafi da ni. A ce ɗigon idon hagu ya sauka ƙasa da fiksel 2 kacal a firem ɗaya, abin da ke faruwa kullum in an ƙifta ido ko hoton ya ɗan dusashe. 2 a kan 120 ya ba ka karkata ta kusan digiri ɗaya. In kuma ɗigon ya goce zuwa gefe da fiksel 2 ɗin, tazarar ido ta canza da kusan kashi 1.7 cikin ɗari, a faɗin 400 wannan ya kusa fiksel 7. Sauran ɗigo ukun suna rage abin tunda da duka biyar ɗin ake lissafi, amma ba sa kashe shi. Modal ɗin da ke sauya fuskar kuma duk lokacin da aka ba shi fuska a ɗan karkace ko a ɗan zuƙe, abin da zai zana ba zai zama daidai da na baya ba, girar ta ɗan hau, haɓar ta ɗan faɗaɗa. Ga maskin da ke yanke gefen fuska shi ma a cikin akwatin yake zaune, in akwati ya girgiza gefen ya girgiza. Haɓar da ka ce tana shiga tana fita ke nan.

Maganin shi ne ka daina barin kowane firem ya yi gaban kansa. Ka bi bidiyon sau ɗaya tukuna ba tare da sauya komai ba, ka tara lambobi huɗu na kowane firem: inda tsakiyar fuska take a kwance da a tsaye, girmanta, da karkatarta. Ka lallausa waɗannan layuka huɗun sannan ka gina akwatin daga lambobin da suka laushi.

```
import numpy as np
from scipy.signal import savgol_filter
kwana = np.unwrap(kwana)
x, y, girma, kwana = [savgol_filter(v, 7, 2) for v in (x, y, girma, kwana)]
```

7 ɗin nan taga ce ta firem bakwai, uku a baya uku a gaba da shi kansa, ƙasa da kwatan sakan. In kuskuren kowane firem daban yake da na maƙwabcinsa, kuskuren da zai saura ya ɗan haura rabi, da tagar 11 kuma bai kai rabi ba, amma tsallen da ido ke gani daga firem zuwa firem yana raguwa fiye da haka. Ka kula, `x` da `y` tsakiyar fuska ce a cikin babban hoton, `kwana` kuma karkatar ce a radiyan, ba digiri ba. Kar ka ɗauki lambobi shidan matiris ɗin da ake yanko akwatin da shi ka lallausa su ɗaya-ɗaya, don na gefen nan biyu a ɗaure suke da girma da karkata, in ka taɓa su daban sai akwatin ya riƙa yawo.

Sarkin Gwaji: Ni na taɓa yin irin wannan lallausawar kuma ban ji daɗinta ba. Na ɗauki kashi 20 na sabon firem na haɗa da kashi 80 na tsoho, rawa ta tsaya kam, amma da mutum ya juya kai sai fuskar ta zame ta biyo baya kamar an manna takarda. Shi ya sa na koma `tmix`. Duk wanda ya lallausa ɗigo zai gamu da zamewar nan, babu makawa.

Tsohon Edita: Rabin maganarka gaskiya ce. Irin wadda ka yi baya kawai take kallo, don haka dole ta makara, kuma ana iya lissafa makarar: 0.8 a raba da 0.2, firem huɗu ke nan, sama da kashi ɗaya cikin takwas na sakan. In kai yana tafiyar fiksel 10 a kowane firem to akwatinka yana baya da fiksel 40. Wannan hanyar ta masu yin abu kai tsaye ce da ba su san firem na gaba ba, su ma yawanci One Euro suke sawa, filtar da aka fitar a 2012, wadda ke lallausawa sosai in abu ya tsaya ta kuma saki in ya fara gudu. Shi Ɗan Koyo duk firem 360 suna hannunsa, me zai sa ya rufe ido ga na gaba? Tagar da ke kallon gaba da baya daidai wa daida ba ta makara.

Zamewar da ka gani kuma ina zargin wani abu ne daban. Da wane matiris ka yanko, da wanne ka mayar?

Sarkin Gwaji: Yankan na bar wa manhajar ta yi da nata, wajen mayarwa ne na sa mai laushin.

Tsohon Edita: To ga ta nan. Ka yanko daga wuri ɗaya ka manna a wani wuri, dole ta zame. Matiris ɗaya za a yi yanka da shi, a juya shi a mayar da shi. In ka yi haka ko da akwatin ya ɗan makara fuskar za ta koma inda aka ɗauko ta, illar kawai ba za ta zauna a tsakiyar akwati ba, modal ya ɗan rage kyau, maski ya ɗan ci gefe ɗaya.

Sarkin Gwaji: Zan gwada in gani, amma har yanzu ina ganin a juyi mai sauri ko taga mai kallon gaba sai ta yanke kwana.

Tsohon Edita: Wannan kam haka ne, tana ɗan aske ƙololuwar motsi, shi ya sa na ce 7 ban ce 21 ba.

Baƙuwa: Ku yi haƙuri na shigo tsakiya. Ni tambayata, shi wanda aka ɗora fuskarsa ya ga abin da aka yi kuwa? Don yarda a waya daban, ganin fuskarka a jikin wani tana abin da ba kai ka yi ba daban.

Ɗan Koyo: Gaskiyarki ne anti. Shi ya turo hotunan da kansa, kuma mun yi da shi sai ya kalli shot ɗin ya amince kafin ya shiga fim, za a kuma rubuta a ƙarshen fim cewa an yi hakan.

Baƙuwa: To madalla, ku ci gaba ina karatu.

Ɗan Koyo: Oga na dawo. Na sa lallausawar, yankakkun fuskokin yanzu sun nutsu, haɓa ta daina shiga da fita a yawancin wurare. Saura abu biyu. Launin kumatu har yanzu yana bugawa musamman in yana magana, sannan fatar kanta in ka zuƙo kamar tana tafasa, ƙananan ɗigon fata da gashin gira suna canza wuri.

Anti Launi: Na launin bar min shi. Ka sa daidaita launi ko? Irin wanda ke auna matsakaicin launin fuskar asali ya ja sabuwar ta koma haka?

Ɗan Koyo: E anti, na sa, don in ban sa ba fuskar tana fin wuya haske.

Anti Launi: To shi ma firem-firem yake yi. Lambobi shida yake fitarwa a kowane firem, matsakaici da yaɗuwa na haske da na launi biyu, kuma duk abin da ke cikin maski yake haɗawa ya auna. Mutum ya buɗe baki haƙora suka bayyana, matsakaicin haske ya hau. Ya ƙara buɗewa duhun cikin baki ya shigo, ya sauka. Ya ƙifta ido farin ido ya ɓace, ya sake canzawa. Fatar ba ta canza ba ko kaɗan amma gyaran da ake yi mata ya canza, sai duk kumatu su buga tare da bakin. Ka lura za ka ga bugun yana bin maganarsa ne, in ya yi shiru sai ya lafa.

Abu biyu za ka yi. Ka auna daga goshi da kumatu kawai, ka cire baki da ido da gashi daga awon. Sannan lambobi shidan nan ka lallausa su da taga mai faɗi, firem 15 ko ma 31, don haske ba ya gudu kamar kai. In hasken bai canza ba daga farkon shot zuwa ƙarshe ma ka ɗauki matsakaici ɗaya ka kulle shi a kan duka 360 ɗin ka huta. Sai dai in akwai inda ya shiga inuwa ko girgije ya gifta, nan kullewa za ta sa fuska ta tsaya da haske jiki ya yi duhu. Kuma in akwai zaɓin `seamless` a kunne ka kashe, daga launin bakin maski yake lissafo na ciki, gefen ya taɓa gashi ko bango da fiksel kaɗan sai duk fuskar ta canza.

Tsohon Edita: Ba ni da ƙari a kan wannan. In kana so ka tabbatar da idonka ka fitar da bambancin kowane firem da na bayansa:

```
ffmpeg -i fita.mp4 -vf "format=gray,tblend=all_mode=difference,lut=c0=val*8" -pix_fmt yuv420p bambanci.mp4
```

Inda babu canji baƙi zai fito. A sakan huɗun nan da mutumin ke tsaye, in ka ga farin zobe a kewayen fuska to maski ne ko akwati. In duk fuskar ce ke yin toka-toka lokaci guda ta koma baƙi, launi ne. In kuma yayyafi ne ya cika cikin fuskar ya fi na wuya da riga yawa, wannan tafasar da ka ce ce, kuma CodeFormer ne.

Ɗan Koyo: Yayyafin ne ya fi yawa yanzu. To amma in na cire CodeFormer fuskar sai ta zama dishi-dishi.

Tsohon Edita: Dole, fiksel 128 ka shimfiɗa a kan 400, an ja ta sama da ninki uku. Ɗigon fata da gashin girar da kake gani babu su a abin da modal ɗin farko ya bayar, CodeFormer ne ke ƙirƙiro su, yana zaɓo su daga wata taska da ya koya. Abin da aka ba shi ya canza kaɗan sai zaɓin ya faɗa kan wani daban, gira ta sake tsari. A nawa ka sa `-w`?

Ɗan Koyo: 0.3, don na ga ya fi fitar da fata tas.

Tsohon Edita: A hoto guda ya fi kyau, a bidiyo shi ya fi tafasa, don ƙaramar lamba tana ba shi damar ƙirƙira, babba tana tilasta shi ya bi abin da aka ba shi. Kai shi 0.7 ko 0.8. Sannan kar ka ɗauki abin da ya fitar ɗari bisa ɗari, ka gauraya shi rabi da rabi da wanda bai taɓa ba. Akwai kuma tarkon da mutane da yawa ba sa gani: in ka miƙa masa cikakken firem, shi ma sai ya sake nemo fuska da kansa ya yanka nasa akwatin mai 512, wato rawar da ka sha wahala ka kashe ta dawo ta bayan gida. Ka yanka masa da kanka a irin zaman da yake so, da lambobinka masu laushi, ka ba shi da `--has_aligned`, kai ka mayar.

Anti Launi: Daga ƙarshe ka zuba ɗan yayyafin kyamara a kan fuskar daidai da na sauran hoton. Fuska sumul a tsakiyar hoto mai ɗan tsakuwa-tsakuwa ita ma tana jan ido, kuma yayyafin yana rufe ragowar tafasar.

Sarkin Gwaji: Nan ne fa `tmix` ɗina yake da amfani, ku yarda ku ƙi. In akwatin ya riga ya nutsu, gauraya yankakkun fuskokin uku-uku a CIKIN akwati ba zai yi inuwa sosai ba tunda kan ba ya tafiya a ciki.

Tsohon Edita: A goshi da kumatu na yarda. Baki da ido fa? Ƙiftawar ido firem kaɗan ce a 30, ka gauraya uku ka samu ido rabi a buɗe rabi a rufe. Sai dai ka yi maski ka tsame su, ko ka yi amfani da lissafin motsin fiksel irin RAFT ka janyo firem na baya ya hau kan na yanzu kafin ka gauraya, wannan kuma aiki ne babba a kan shot na sakan 12.

Ɗan Koyo: Alhamdu lillahi, launi ya zauna, tafasa ta ragu sosai duk da in ka manna ido a allo za ka ɗan gani a gira. Inda ya gagare ni shi ne daga firem 214 zuwa 226. Nan ya juya gefe sosai har ido ɗaya ya ɓuya, kuma ya ɗaga hannu ya shafi haɓa. A 219 da 220 manhajar ba ta ga fuska ba sam, sai fuskar wanda ya tsaya ta leƙo ta koma, kuma yatsun suna nutsewa a cikin kumatu.

Tsohon Edita: Na 219 da 220 mai sauƙi ne, ka cike lambobi huɗun daga 218 da 221 da `np.interp` KAFIN lallausawa, kar ka bar sifili a wurin, in ba haka ba filta za ta ja maƙwabta uku ta kowane gefe su bi ramin. In kuma akwai inda aka yanke shot aka koma wani kusurwa, ka raba nan ka lallausa kowane ɓangare daban. Hannun kuma firem 13 ne kawai, ka zana maskinsa da hannu a manhajar editin ka ɗora yatsun asali a sama, ya fi ka zauna jiran maskin atomatik da zai kama yatsa a wannan firem ya sake shi a na gaba.

Juyin gefen ne ba ni da tabbacin zai gyaru. Ɗigo biyar in ido ɗaya ya ɓuya hasashe kawai ake yi, ba rawa ba ce da za ka lallausa, duk firem ɗin sun karkata gefe guda tare. Modal ɗin ma daga hoton gaba ka ba shi kamannin, bai san hancin jarumin daga gefe ba.

Anti Launi: Ni da ni ce zan yanke zuwa wani shot a 213 in dawo a 227, ƙasa da rabin sakan ne, babu mai kallon da zai nema.

Mai Kyamara: A'a anti, juyin nan ƙila shi ne dalilin shot ɗin. Kuma in ya juya da sauri ai hoton ya riga ya dusashe da motsi, a sa wa sabuwar fuskar dusashewa daidai da ta asali ba wanda zai tsaya ƙirga hanci.

Ɗan Koyo: Juyin ba mai sauri ba ne yallaɓai, a hankali ya yi shi, kuma darakta ya ce ba a yanke shi. Jarumin yana da wani shot a fim ɗin da ya juya gefe ɗaya da wannan amma a cikin ɗaki aka ɗauka, hasken ba ɗaya ba. In na yanko gefen fuskarsa daga can na ɗora da hannu a firem 13 ɗin nan, Anti Launi, launin zai iya haɗuwa?

Anti Launi: Launi zai haɗu, inuwa ce ba ta haɗuwa. Ta wane gefe hasken ya bugi fuskarsa a na ɗakin? Turo firem ɗaya daga kowanne in gani.